Kuka Ɗaya, Mako 52

Ƙanena, ran nan da ka miƙo mini wayarka na leƙa hotunanka, na ga faɗuwar rana a Gubi, na ga dawakin Hawan Daushe, na ga wani tsoho mai sayar da goro a Wunti, har da giwa daga nesa a Yankari. Idonka yana gani, ba na musu. Sai ka ce mini kana son aikin da zai ɗauke ka shekara guda cur, abin da in an gama za a jera a ce ga aikin wane, amma ka rasa ta inda za ka kama. Ka lissafo mini dabaru har bakwai. Shawarata ka ajiye shida, ta bakwai ɗin ma ka rage mata faɗi. Nemi wuri guda a cikin garin Bauchi ko a gefensa, ka tsaya a taku guda, ka fuskanci gefe guda, ka ɗauki hoto sau ɗaya a mako har shekara ta zagayo.

Na san abin da za ka ce: ai wannan gundura ce. Ni ma haka na ɗauka. Amma duba, in ka ɗauki kasuwa yau, gobe dutse, jibi doki, mai kallo ba shi da abin da zai gwada da wani, sai ya ce da kyau ya wuce. In kuwa komai yana nan daram, abu ɗaya ne kawai ya motsa, ido ba ya iya kauce masa. Mai hoton nan ɗan Najeriya, J. D. 'Okhai Ojeikere, ya fara ɗaukar kitson mata a 1968, yawanci daga ƙeya ko daga gefe, bayan hoton fayau babu tarkace, ya yi ta yi shekara da shekaru har ya tara kusan 1,000. Guda ɗaya a cikinsu hoton kai ne kurum. Da aka jera su sai suka zama tarihin kitso na ƙasa guda, har aka kai su babban baje kolin zane na birnin Venice a 2013, shekara guda kafin rasuwarsa. Can baya kuma, a Faransa, mai zane Claude Monet ya kama ɗaki daura da babbar majami'ar Rouen a 1892 da 1893, ya zana fuskar ginin nan sama da sau 30. Ginin bai gusa ba, hasken ne yake zanawa.

Mu a Bauchi mun fi su samun sauƙi ta wani fanni, domin shekararmu ba ta ɓoye kanta. Ƙasar da take fari fat a watan Maris ita ce kore shar a Agusta. Dutsen da kake iya ƙirga tsagoginsa a Oktoba, a Janairu hazo zai haɗiye shi kamar ba a taɓa halittarsa ba. Kai dai ka tsaya wuri ɗaya, bazara da damina da kaka da hunturu su zo su same ka.

Zaɓen wurin shi ne rabin aikin, kada ka yi gaggawa a kansa. Ka ba shi mako biyu kana yawo da safe. Abin da kake nema shi ne wurin da abu uku suka haɗu a cikin firam guda. Na farko abin da ba ya motsi ko kaɗan, wanda shi zai riƙe hotunan duka: dutse, ko hasumiyar masallaci, ko ɗaya daga ƙofofin gari irin su Ƙofar Ran da Ƙofar Wunti da Ƙofar Dumi, ko guntun ganuwar da ta rage tun zamanin Malam Yakubu, wanda ya kafa garin nan a 1809. Na biyu abin da yake sauyawa a hankali tare da shekara, wato bishiya, ko fili, ko kwarin da ruwa ke bi. Na uku abin da yake sauyawa kullum, mutane da kayansu. In wurin dutse ne zalla, bayan wata uku za ka gaji da shi. In kuwa mutane ne zalla, kamar tsakiyar kasuwar Muda Lawal, hayaniya za ta cinye komai, ba wanda zai gane cewa wuri ɗaya ne.

Akwai sharaɗi na huɗu da ba a faɗa, alhali shi ne ke kashe yawancin irin wannan aiki. Wurin ya zama za ka iya isa da ƙafa, ko da kuɗin Keke ɗaya, ko a ranar da aljihunka ya yi sanyi. Kabarin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa yana da bango da inuwa masu daɗin ɗauka, dutsen Zaranda ma ba a magana, amma in kana zaune a Gwallameji, tambayi kanka ko za ka je can sau 52. Ke kuma ƙanwata, in fita da sassafe kowane mako ba za ta yiwu ba a gidanku, tsakar gida ta isa: bango, da bishiyar mangwaro ko darbejiya, da igiyar shanya, da abin da ake bazawa a tabarma, kuɓewa yau, barkono gobe. Wannan hoto ne da mu maza ba za mu taɓa iya ɗauka ba.

Bari in ba ka nawa, da kurakuransa. Wata kuka na zaɓa a gefen gari ta hanyar Dass. A bayanta akwai dutse, a gabanta wata 'yar hanya ta jar ƙasa da ke gangarawa zuwa kwalbati, a gindinta kuma wani mai facin taya da bencinsa da kwanon ruwan da yake tsoma tiyub. Kuka ta dace da wannan aiki fiye da mangwaro, don mangwaro kore ne shekara duka, ita kuwa tana tuɓewa tik a rani, ta fara tofo gab da saukar ruwa, ta sako farin fure mai reto da damina, sannan 'ya'yan su yi ta lilo har su bushe. In Allah ya sa ka samu wurin da kuka da gawo suke tsaye kusa da juna, kada ka ƙara neman wani, domin gawo akasinta yake yi: da damina ya kakkaɓe ganye, da rani ya yi kore. Su biyun za su yi ta musayar riga a gabanka har shekara ta ƙare.

Ranar farko ban ɗauki komai ba. Na je na gaida mai facin, na zauna a bencinsa, na gaya masa abin da ya kawo ni. Ya dube ni ya ce, "Malam, kukar ce za ka ɗauka kullum? Wani abu za a yi da ita?" Tsoronsa kada a ce gwamnati za ta fasa hanya a tashe shi. Sai da na yi masa bayani sau biyu, kuma shi ya ce in je in gaida mai unguwa, ya haɗa ni da yaronsa ya raka ni. Kada ka tsallake wannan. Baƙon da yake zuwa wuri ɗaya kowane mako yana ɗaga waya, a zamanin nan, dole a sa masa ido, kuma masu sa idon ba su yi laifi ba. Ka kuma duba abin da ke bayan hotonka tun kafin ka fara: barikin soja, ofishin 'yan sanda, banki, gidan gwamnati, gidan yari, ka nisance su baki ɗaya, ko da a gefen firam suka faɗo. Wanda ya ce ba ya son a ɗauke shi, saboda addini ne ko don ra'ayinsa, ka sauke waya ka jira ya wuce. Matan aure da 'yan mata da ƙananan yara kuwa, in ba da izini ba, ka bari sai sun yi nisa yadda ba a gane fuska.

Sai maganar taku. Na samu wani ɗan dutse a ƙasa na ɗiga masa fenti, na ce nan ne matsayina. Ruwan farko mai ƙarfi a watan Yuni ya tafi da shi. Mako uku ina tsayawa da ka, kuma da na jera hotunan sai ga kukar tana kumbura tana motsewa, dutsen baya kuwa yana nan yadda yake. Dalilin mai sauƙi ne. Tsakanina da kukar mita 20 ne, in na matsa gaba da mita ɗaya ta ƙaru da kusan kashi 5 cikin 100 a hoto, shi kuwa dutsen da ke da nisan kilomita ko a jikinsa. A hoto ɗaya ba ka gani, a jere kuwa abin yana tsone ido. Saboda haka kada ka dogara da alamar da ruwa ko yaro zai iya ɗauka. Auna matsayinka daga abu biyu da aka kafa: taku kaza daga falwaya, taku kaza daga bakin kwalbati, ka rubuta a littafi. Tsayi ma haka. Yanki sanda daidai ƙirjinka, ka riƙa ɗora wayar a kanta, don hannu yana yaudara, ranar da ka gaji zai sauka da taƙi guda ba ka sani ba.

A fuskar wayar kuma, shiga saitin kyamara ka kunna Grid, layukan nan huɗu da ke raba hoto gida tara. Zaɓi mahaɗar layi ɗaya ka ce kullum ƙololuwar dutse a nan za ta zauna, wata mahaɗar kuma gindin bishiya. In wayarka Android ce, akwai manhaja kyauta mai suna Open Camera da ke da wani abu a saitinta, Ghost image, wanda yake shimfiɗa maka tsohon hoto dishi-dishi a kan abin da kake kallo, sai ka yi ta gyara hannu har su hau kan juna. Da na san da shi tun farko da na huta.

Yanzu ga wurin da nake son ka nutsu, maganar rana, domin a nan ne masu wannan aiki suke faɗuwa ba su san abin da ya kayar da su ba. Na ce wa kaina ƙarfe 7 na safe kowace Asabar. Ashe ƙarfe 7 ba abu ɗaya ba ne a shekara. A Bauchi, a ƙarshen watan Mayu rana tana fitowa wajen ƙarfe 6, a ƙarshen Janairu kuwa sai kusan 6:40. Ke nan bakwai ɗin Mayu rana ta yi awa guda a sama, haske ya yi fari, bakwai ɗin Janairu kuwa yanzu ta leƙo, komai ja ne. Mai kallo zai ɗauka bambancin yanayi ne, alhali agogo ne ya ruɗe ka. Ka bar agogo ka bi rana. Kalandar lokutan salla da ke rataye a masallacin unguwarku, ko wadda ke cikin wayarka, tana nuna lokacin hudowar rana, sai ka ƙara awa 2 a kai. A Mayu wajen ƙarfe 8 ke nan, a Janairu wajen 8:40. In kana son awon malaman da, wanda suke gane azahar da la'asar da shi, to a wannan lokaci inuwarka ta kusa ninka tsawonka biyu, wato wajen tafin ƙafa 13 zuwa 14.

Me ya sa awa 2, ba ɗaya ba? Don in ka juya wa rana baya awa guda bayan fitowarta, inuwarka ta kai ninki huɗu na tsawonka, za ta miƙe ta shige tsakiyar hoto. Ni a watan Satumba na gane haka, da na ga kaina baƙi wuluk kwance a kan hanyar jar ƙasa, riƙe da sanda kamar makiyayi.

Gefen da za ka fuskanta ma rana ce za ta zaɓa maka. Mun saba cewa rana daga gabas take fitowa, amma gabas sak take fitowa sau biyu kawai a shekara, wajen 21 ga Maris da 23 ga Satumba. A ƙarshen Yuni ta karkata arewa da kusan digiri 24, a ƙarshen Disamba ta karkata kudu da kamar haka, tafiyar digiri 48 ke nan a bakin sama. In ka fuskanci gabas da safe, wata rana za ta faɗo cikin firam ɗinka ta wanke hoton ya zama fari. In ka fuskanci arewa kana kallon bangon da ke duban kudu, nan ma akwai tarko. Bauchi tana kan digiri 10 da 'yan kai arewa da tsakiyar duniya, don haka rana tana bi ta tsakar kanmu sau biyu, wajen tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta, kuma tsakanin waɗannan biyun ta arewa da mu take wucewa. Bangon nan da ya sha haske tun kaka, sai ka ga wata huɗu yana cikin inuwa yini guda. Abin da ya fi kwanciyar hankali shi ne ka fuskanci yamma da safe. Duk abin da ke kallonka yana cikin haske shekara duka, kuma za ka samu wata kyauta: inuwar bishiya za ta kwanta ta hannun dama a Disamba, ta yi ta juyowa a hankali har ta koma hagu a Yuni. A jeren hotunana, wannan juyawar inuwa ita ce abin da mutane suka fi tsayawa a kai, kuma ban shirya ta ba.

Wayarka ma abokiyar gaba ce a wannan aiki, saboda an gina ta ne don ta gyara abin da ta gani. Ranar da hazo ya sauko, gari ya yi fari-fari kamar an baɗa masa garin rogo, ita a wurinta kuskure ne, sai ta ƙara kala, ta ƙara kaifi, ta shafa wa sama shuɗin da babu shi. Kai kuwa hazon nan shi ka fito nema. Kashe HDR, ka kashe duk wata tacewa da ƙawatawa da ke kunna kanta. In akwai Pro a kyamararka, shiga nan ka tsayar da ISO a mafi ƙanƙanta, 50 ko 100, ka tsayar da WB a kan hasken rana, wajen 5500K, kada ka ƙara taɓa su har shekara ta cika. Wannan na biyun shi ne mai muhimmanci. In ka bar shi yana sarrafa kansa, zai mayar da jan hasken hunturu da shuɗi-shuɗin safiyar marka duk su zama kala ɗaya, ka rasa abin da ya raba su. Ka tsaya a kan 1x, kada ka janyo hoto da yatsu, don wannan yanka ne kawai wayar take yi tana buɗa abin da ya rage. Yadda za ka gane wayar tana yi maka shisshigi: ɗauki hoton, ka ɗaga kai ka dubi sama da idonka, ka sake duban fuskar wayar. In ta wayar ta fi ta Allah shuɗi, akwai abin da ba ka kashe ba.

Da hunturu ƙura tana kwanciya a idon kyamara, hoto ya fito da wani lulluɓi wanda za ka ɗauka hazo ne. Bambancinsu shi ne hazo na gaske yana ƙaruwa da nisa, abin da ke kusa da kai tar yake, dutsen can ne ya dushe. In har bencin da ke gabanka ma ya dushe, gilashin ne. Hura masa iska tukuna, sannan ka goge da ƙyalle mai laushi irin na tabarau. Gefen riga mai ƙura gogar yashi ce.

Kowane zuwa ka ɗauki kamar 10 a cikin minti biyar, daga taku ɗaya, kana jiran abin da zai shigo. A nan ne kashi na uku yake aiki. Ban taɓa ce wa kowa ya tsaya ba, amma da na jera sai ga kalandar gari ta fito da kanta a gindin kukar: tiren mangwaro a Afrilu, shamuwa a kan reshe gab da ruwa, mai gasa masara ta kafa murhu a Agusta, buhunan gyaɗa a bayan babur da kaka, rake a jingine lokacin sanyi, mai facin kansa cikin hular sanyi da rigar leda yana jin ɗumin wutar kara. Raguna ma sun bi ta wurin ana jan su gab da Babbar Salla. Ka lura, wannan kalandar biyu ce a haɗe. Mangwaro da masara shekarar rana suke bi, azumi da layya da hawan salla kuwa shekarar wata, wadda ta gaza ta rana da kwana 11. In ka sake aikin bayan shekara goma, kukar za ta yi abin da ta saba a watan da ta saba, ragunan kuwa za su bayyana a wani yanayi dabam. Ranar mako ma ka tsayar da ita. Safiyar Juma'a da ta Litinin ba gari ɗaya ba ne.

Za ka yi fashi, wannan ba makawa. Zazzaɓi, tafiya, jarrabawa, ko ruwan da ya kama tun asuba. In ka rasa ranarka, je washegari ka rubuta gaskiyar kwanan watan. In mako ya wuce gaba ɗaya, bar gurbinsa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ka ɗauki biyu rana ɗaya ka ce na mako biyu ne, domin inuwa za ta tona ka. Ranar ruwa kuwa kada ka ce ta ɓaci. Nemi mai riƙe maka lema ka je. Hoton da na fi so a cikin nawa na wata safiyar marka ne: dutsen ya shige cikin gajimare, hanyar jar ƙasa ta zama rafi, bencin mai faci a kife ba kowa.

Babbar asarar da na yi ba a gindin kuka ta same ni ba. A wata na bakwai wayata ta daina caji, na kai wa wani mai gyara, ya ga dama ya wanke ta tas ba tare da ya tambaye ni ba. A cikin hotunan da ban kwafa a wani wuri ba, abin da ya tsira sai waɗanda na tura wa wani abokina ta WhatsApp, su kuma manhajar ta matse su. Ga lissafin, don ka ga girman abin. Hoton waya mai megafiksel 12 yana da ɗigo 4000 a tsawo, 3000 a faɗi. Wanki mai kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci, ke nan zai ba ka hoto mai inci 13 da 10, ya fi takardar A4. Wanda aka tura ta hanyar da aka saba kuwa yakan dawo wajen ɗigo 1600 a tsawo, inci 5 da ɗan kai, girman katin gayyatar biki. Mako tara na aikina haka suka ƙare. Don haka duk ranar da ka ɗauka, kafin ka kwanta hoton ya kwana a wuri biyu: a wayar, da kuma filash ko kwamfutar wani ko Google Drive. In ta WhatsApp za ka tura, zaɓi Document, shi ba ya matsewa. Wurin ajiya ba matsala ba ne, hoto 10 a mako, kowanne wajen megabayit 4, shekara duka bai fi gigabayit 2 da kaɗan ba. Ka sa musu suna da shekara a gaba, sannan wata, sannan rana, kamar 2025-04-12-kuka.jpg, za su jera kansu. Kuma in da hali kada ka sauya waya a tsakiyar aiki. Kowace irin waya da faɗin ganinta da irin kalarta, sabuwar da na saya ta fi tsohuwar buɗewa, sai da na riƙa yanke gefe-gefe kafin su daidaita, kalar kuwa ba ta taɓa daidaita ba.

In kai mai zane ne ba mai hoto ba, dokar ba ta canja ba, sai dai ka yanka takardu 52 girma ɗaya tun ranar farko, ƙanana kamar tafin hannu biyu, ka tsayar da kalolin da za ka yi amfani da su, ka ba kanka minti 30 a wurin, kada ka ƙarasa a gida. Mai sha'awar sauti kuma ya naɗi minti ɗaya a taku ɗaya bayan magariba: kwaɗi da damina, gyare, iskar hunturu a cikin busasshen kara, tashe a watan azumi. Wanda ya iya kiɗa ya ɗora nasa a kai daga baya.

Kada ka jira 1 ga Janairu. Wanda ya fara a tsakiyar rani zai yi wata uku yana ɗaukar abu kusan iri ɗaya, fari da ƙura, kuma a nan ne zuciya take mutuwa. Fara a ƙarshen Maris ko farkon Afrilu, lokacin da ƙasa ta kai maƙura a bushewa. Cikin mako shida zuwa takwas hadari zai fara haɗuwa, kuka ta tofo, ciyawa ta keto, ka ga aikinka yana motsi tun kana da ɗoki. In ka kai hunturu kuwa ka riga ka tara wata takwas, ba za ka yarda ka zubar ba.

Kada kuma ka riƙa sakin su ɗaya-ɗaya a Facebook kana jiran yabo, don ɗaya ba ya nuna komai, za a yi shiru, shirun ya karya maka gwiwa. Duk wata uku ka zaɓi ɗaya daga kowane mako, ka kai shagon wankin hoto a fitar maka da ƙanana, inci 4 da 6, ka ce wa mai injin kada ya gyara kala, domin hannunsu ya saba ƙara wa hoto armashi, zai share maka hazon da ka sha sanyi a kansa. Shimfiɗa su a tabarma bi da bi ka tsaya a kansu. A nan za ka ga inda takunka ya goce, da makon da wayar ta yi maka wayo, tun da sauran lokacin gyara. A ƙarshen shekara, in bangon da ka samu ba zai ɗauki 52 ba, tsame 12 ko 24, amma kada ka zaɓe su don kyau. Zaɓi waɗanda in an cire ɗaya labarin zai yi giɓi, ko da a ciki akwai na ranar da babu komai sai farin sama.

Nawa 43 suka rage masu girman da za a iya wankewa. Na manna su a kwali na kai gindin kukar wata Asabar, muka jingina a jikin benci. Mai facin ya daɗe yana bin su da yatsa, bai ce komai a kan kukar ba. Can ya tsaya a kan wani na watan Nuwamba, inda wani dattijo yake zaune a ƙarshen bencin da carbi, ya ce, "Allah sarki, Baba. Wannan ai makonsa na ƙarshe ke nan da fitowa." Ya tambaye ni ko zan iya wanke masa shi babba, ya kai wa iyalan. Na duba kwanan watan, yana cikin waɗanda na ajiye a wuri biyu, na ce masa Asabar mai zuwa in sha Allahu.